Amsa kan dutin daren Alhamis, 12 ga wata

Assalamu alaikum Anti Rabi,

Barka da aiki. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa a yi aikin idon a sa'a.

Na ga saƙonki tun daren jiya, na neman in karɓar miki duti don ki yi tafiya da Mama wurin aikin idonta, amma ban so in amsa miki da ka ba, shi ya sa na bari sai da na shigo yau na duba jadawalin duti da idona. Don Allah ki yi haƙuri, Anti, ba zan iya karɓar miki dutin daren Alhamis ba.

Ranar ina da dutin yini, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare, naki kuma yana farawa ne daidai lokacin da nawa yake ƙarewa. In na karɓa, awa 24 ke nan zan yi a tsaye ba runtsawa. Da gajiyar a kaina kaɗai za ta tsaya, da na daure saboda ke. To amma ke kika koya min aikin sashen yara, kin fi ni sanin cewa maganin yaro da nauyinsa ake aunawa, kuma ɗan kuskure a lissafi kan jaririn da bai wuce kilo 3 ba babban abu ne. Ga alluran ƙarfe 2 na dare, ga lura da gudun ƙarin ruwa, ga gadaje 22 a hannun mutum biyu. Wadda za mu kwana tare kuwa Zainab ce, da ba ta cika wata uku da fara aiki ba. Yarinyar tana da ƙoƙari sosai, sai dai har yanzu tana bukatar wadda za ta sake duba mata lissafi da ido garau, ni kuma na san kaina, bayan awa 18 a ƙafa ba zan zama wannan mutumiyar ba.

Ban manta da dutin kwana biyu da kika riƙe min bara ba, lokacin da aka kwantar da Sadik. Ko tambayata ba ki yi yaushe zan biya ba. Shi ya sa rubuta wannan amsa ya yi min nauyi, kuma shi ya sa na ɗan yi bincike kafin in rubuto.

Ga abin da na samo. Sista Maryam tana hutu ranar Alhamis da Juma'a, kuma tun makon jiya take neman wadda za ta karɓar mata dutin yinin Lahadi, 15 ga wata. Ni Lahadin ba ni da komai. Na tuntuɓe ta ɗazu a ɗakin canza kaya, ban faɗa mata dalilin tafiyarki ba tunda wannan naki ne ki faɗa in kin so, na dai tambaye ta ko za ta iya kwanan Alhamis idan na ɗauke mata Lahadi. Ta ce ba matsala, amma tana so ta ji daga bakinki. Ke nan ita ta yi naki, ni in yi nata, ke kuma ki kama hanya da Mama tun da rana ba tare da kin yi tuƙi da barci a ido ba. Ranar Lahadin kuwa kada ki sa ta a lissafi, cikin bashin da kike bina ne.

Saura amincewar shugabar sashe. Ta ce duk musayar dutin wannan makon a kai mata a rubuce kafin ƙarfe 12 na ranar Talata, da sa hannun kowa. Na karɓo takardar na cike wurina, tana cikin aljihun teburin ma'aikatan jinya na sama. Ki kira Maryam yau in da hali, ku sa hannu, ni zan kai mata gobe da safe.

Idan kuma wani abu ya taso wa Maryam, ki sanar da ni da wuri mu je wurin shugabar tare. Zan iya roƙonta ta mayar da dutin yinina na Alhamis hannun wata, ni in huta da rana in shigo miki da dare. Wannan ya fi wuyar samu saboda ƙarancin hannu a makon nan, shi ya sa na fi karkata ga na farkon.

Ina bakin aiki har ƙarfe 8 na daren yau, wayata tana kunne. A gaida Mama da jiki.

Taki,
Hadiza
Sashen yara