Barka da Fitowa, Dattijon Samaru

Zuwa ga Malam Nasiru, wanda yara suka fi sani da Baba Nas,

Assalamu alaikum. Mutumina wai da gaske ne? Da Hajiya ta kira ni ta ce sunanka ya fito cikin waɗanda suka gama sai da na ce mata don Allah ta sake dubawa da kyau, ko wani Nasirun ne, ABU ai ba ta rasa masu suna Nasiru. Ta ce kai ne, har da lambarka. To Alhamdulillah. Allah mai iko, yau ga Nasiru ya fito daga Samaru da ƙafarsa kuma da takarda a hannu.

Na zagaya neman kati mai hoton tsoho da sanda sanye da hular digiri ban samu ba, duk katunan da ke kasuwa hoton yara ne masu ƙuruciya a fuska, shi ya sa na sayi wannan mai fulawa. Kuma katin ya yi kaɗan, dole na liƙa takarda a ciki, don tarihinka ba ya shiga shafi ɗaya.

Bari in tuna maka tunda na san ƙwaƙwalwa ta fara tsufa. Shekarar 2013 ka samu gurbi, lokacin Jonathan ne shugaban ƙasa, litar fetur naira 97, kai kuma kana yawo da wata BlackBerry mai fasasshen gilashi kana damun mutane a 2go da "Injiniya Nas insha Allah". Jonathan ya sauka kana makaranta. Buhari ya zo ya yi shekara takwas cif, zango biyu, ya tattara ya koma Daura kana makaranta. Tinubu ya hau ya cire tallafin mai, kai kana layin rijistar kwas. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ma da mutane suka cire rai da shi an gama an buɗe a 2016, ya riga ka. Har sarautar Zazzau ta canza hannu a 2020, Allah ya jiƙan Sarki Shehu Idris, wato ka yi zamani da sarakuna biyu kana ɗalibi. Kuɗin ma an sake musu launi.

Na san me za ka ce, yajin aiki ne. Kullum amsarka kenan, ko a gidan biki aka tambaye ka "Nasiru yaushe za a gama?" sai ka gyara zama ka fara wa'azi a kan ASUU da gwamnati kamar da kai aka sa hannu a yarjejeniyar 2009. To na zauna na yi maka lissafi don kada a ce na zalunce ka. Na 2013 daga Yuli zuwa Disamba, na 2017 kusan wata ɗaya, na ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019 wata uku, na 2020 wata tara wanda ya haɗe da korona, sai na 2022 daga Fabrairu zuwa Oktoba wata takwas. Duka-duka shekara biyu da 'yan watanni. Na yafe maka su, har na cika maka uku kyauta. To sauran taran fa mutumina? Su waye suka yi wannan yajin? Ni dai a sanina ƙungiyar mutum ɗaya ce, kai ne shugaba kai ne sakatare, kuma ba ta taɓa janyewa da wuri ba.

Ka fara da injiniyanci, lissafin aji ɗaya ya riƙe maka wuyan riga ya ƙi saki, ka sake shi ka sake shi har malamin ya fara tambayarka ya mutanen gida. Daga nan ka ce ai dama zuciyarka na wajen labarin ƙasa, ka sauya sashe aka mai da kai baya. Sai shekarar da ka jingine karatu wai za ka yi kasuwancin waya a Kano ka zama Ɗangote, ka dawo da caja guda shida da bashi. Sai jarrabawar da ka je rubutawa ranar Laraba alhali an yi ta tun Litinin, wannan kam har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a mota. Furojet kuwa ba a magana, babi na ɗaya ya shekara a cikin filas ɗin da ka ce ya ɓace a Kwangila.

Ƙanwata Zainab da ka raka ta yin rijista kana nuna mata ga Amina Hall ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, ta gama ta yi bautar ƙasa ta yi aure, yaranta biyu yanzu. Ɗan yayanka da aka raɗa wa suna shekarar da ka shiga ya gama firamare. Kuma yaron nan da ka koya wa yadda ake neman gado a Danfodiyo, an ce shi ya tsare ku a jarrabawarka ta ƙarshe, ya zo ya ɗan rusuna ya ce Yaya a yi haƙuri lokaci ya cika a miƙo takarda. Kai ni da a ce ina wurin.

Masu shayin bakin geti sun ce a gaya maka sun yi rashi babba. Ɗaya daga cikinsu da cinikinka na indomi da ƙwai ya yi aure.

Hausawa suka ce sannu ba ta hana zuwa sai dai a daɗe ba a je ba, kai kam ka riƙe ɓangaren daɗewar da hannu biyu. Amma tsakani da Allah, in ajiye wasa na minti ɗaya, da yawa waɗanda kuka shiga tare da suka ci karo da rabin abin da ka ci karo da shi sun tattara kayansu sun bar Zariya ba su waiwayo ba. Kai lokacin da Baba ya kwanta rashin lafiya kai ne kake Shika kwana da kwanaki kana jinya, ka rasa samista guda ba ka taɓa faɗa wa kowa dalili ba, ka bari muna ta tsokanarka. Bayan rasuwarsa ka koma aji cikin yaran da suka girmi ɗan yayanka da kaɗan kana zama a benci na gaba. Na san da yana raye yau da ya yanka rago. Allah ya jiƙansa, ya sa wa takardar nan albarka, ya kawo aiki mai kyau na halal. Minti ɗaya ya cika.

Yanzu maganar bautar ƙasa. Kada ka wahalar da kanka wajen gwada kaki, doka ta ce wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama takardar yafiya ake ba shi, kuma ni na san shekarar haihuwarka ta gaskiya don tare aka kai mu allo. Gwamnati ta duba ta ce Baba ka huta, gwiwa ba za ta ɗauki fareti ba. Alawin dai ya wuce ka, sai haƙuri.

Na ji kuma wai kana cewa za ka koma digiri na biyu. Nasiru ka ji tsoron Allah. Ka bari Hajiya ta sha ruwa tukuna, mu ma muna da yara da muke son su samu gurbi.

Walima ranar Asabar bayan la'asar a gidanku, su Kabiru za su taso daga Kaduna, ni zan kawo lemo da kujeru, kai kuma ka fito da satifiket ɗin na asali don kowa sai ya taɓa da hannunsa, ba ma karɓar hoto a WhatsApp. Sannan dubu biyar ɗin da ka ranta a 2015 ka ce in ka gama makaranta za ka biya, to ka gama.

Naka har kullum,
Auwalu
(da gaisuwar Kabiru, Sadiƙu da Zainab, wadda ta ce daga yau ka riƙa ce mata Anti don ta riga ka)