Malami a Gaban Allo, Yara a Kan Aiki: Kwatanta Hanyoyin Koyarwa Biyu

Wata ranar Talata na shiga aji huɗu na firamare na rubuta 1/2 da 1/4 a allo. Na yi bayanin lambar sama da ta ƙasa, na zana da'ira na raba ta, yara suka maimaita a bayana har sau uku. Na ce, "Kun gane?" Aji ya amsa da murya ɗaya, "Eh, Malam!" Washegari na tambaye su wanne ya fi yawa, rabi ko kwata. Mafi yawansu suka nuna 1/4, wai ai huɗu ta fi biyu. Kuma a cikinsu babu wanda za a ba kwatan burodi a ba ƙaninsa rabi bai yi rigima ba.

Abin da na yi ran nan shi ne koyarwar da ta rataya a wuyan malami. Shi ne mai magana, shi ke zaɓar misali, shi ke tambaya, sau da yawa ma shi ke amsa wa kansa. Aikin ɗalibi saurare da kwafa da hadda. Paulo Freire, masanin ilimi ɗan ƙasar Brazil, ya kamanta irin wannan da ajiya a banki: malami na zuba bayani a kan yaro, ranar jarrabawa ya zo ya cira. Ɗaya hanyar kuwa ɗalibi take sa wa a gaba. Shi zai taɓa, ya gwada, ya yi kuskure, ya yi gardama da abokinsa, malami yana zagayawa yana jefa tambaya. Tunanin ya daɗe. John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896 inda yara ke koyon awo ta hanyar girki da sassaƙa, Maria Montessori kuma ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a Roma a 1907.

Mako na zagayowa na koma wa darasin nan. Na sa kowane benci ya zo da karan dawa guda biyu masu tsawo ɗaya. Na ce su karya ɗaya gida biyu daidai, ɗayan gida huɗu, su jera guntayen su gaya mini abin da suka gani. Aji ya kaure da hayaniya. Wani benci ya karya nasa ba daidai ba, maƙwabtansu suka ce wannan ba rabi ba ne, zalunci ne, kuma daga nan suka kama abin da na manta ban jaddada ba: sai kason ya zo daidai ake kiransa rabi. Can wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe idan masu rabo suka yi yawa, kason kowa raguwa yake." Na rubuta maganarta a allo yadda ta faɗe ta. Da na kawo 1/3 da 1/8, ba su jira ni ba.

Sai dai darasin farko minti 35 ya ci, na biyu ya cinye darasi biyu, kuma ajin ya buƙaci shara. Nan ne masu kushe tsohuwar hanya suke tsallake maganar. Manufar ilimi ta ƙasa a Nijeriya ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Tun daga shirin ilimin firamare kyauta na 1976 zuwa na ilimin bai-ɗaya na 1999, yara sun yi ta ƙaruwa fiye da azuzuwa, ni ma ajina ya haura 80. A irin wannan cunkoso, idan aka ce a kasu rukuni-rukuni, yaro ɗaya mai ƙoƙari ne ke yin aikin, bakwai na kallonsa, biyu na cinikin gyaɗa a ƙarƙashin benci. Na taɓa shiga ajin wani abokin aikina bayan ya dawo daga bita. Ya jera bencuna a zagaye, ya manna takardu a bango, amma daga farkon darasi har ƙarshe shi kaɗai ke magana, rabin yaran ma sun ba allo baya. Zama kawai ya sauya.

Akwai kuma abin da yaro ba zai taɓa ganowa da kansa ba, ko shekara zai yi yana tattaunawa. Cewa wannan harafin ƙ ne, ba k ba, kuma shi ya raba ƙafa da kafa, al'ada ce ta rubutu, sai an faɗa masa. Cewa Nijeriya ta sami 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, faɗa ake yi. A aji ɗaya, lokacin koyar da ɓ da ɗ da ƙ, ina tsayawa a gaba ne in furta, su furta, in rubuta, su rubuta, ba na jin kunyar haka. Tsarin da littattafan Mu Karanta suka bi a jihohin Bauchi da Sakkwato ya yi mini daidai a nan: malami ya fara yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. Laifinmu shi ne yawancinmu a mataki na biyu muke tsayawa, domin amshi cikin jama'a yana da daɗin ji, yana kuma ɓoye wanda bakinsa kawai ke motsi.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ɗaukar sa ɗalibi a gaba kamar baƙon abu daga Turai. Duba makarantar allo. Ana kallonta a matsayin gidan hadda da dorina, kuma akwai su. Amma kowane almajiri da allonsa da inda ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya kai izu goma, kuma ba a wanke allo sai an biya wa malam ya gamsu. Gardi yana biya wa ƙolo. Tafiyar kowa da saurinsa, da koyo daga wanda ya ɗan fi ka, su ne abin da Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Soviet, ya yi ta bayani a kai: akwai abin da yaro ba zai iya shi kaɗai ba amma zai iya da ɗan tallafi. A boko kuwa manhaja ce ke ja, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a wuce babi na gaba, saboda zango zai ƙare kuma jarrabawa ba ta jira.

Don haka ni abin da nake dubawa kafin darasi shi ne irin abin da zan koyar. Idan suna ne ko ƙa'ida ko alama, in faɗa a taƙaice, in sa a maimaita. Idan dalili ne, kamar me ya sa iri ke tsirowa, in ja bakina. A darasin tsiro mun zuba wake a gwangwanayen madara uku: ɗaya da ƙasa mai laima, ɗaya busasshiya, ɗaya mun nutsar da waken cikin ruwa. Yaran duk 'ya'yan manoma ne, sun san busasshen ba zai fito ba. Na cikin ruwan ne ya raba kansu, har aka yi musu da rantsuwa. Bayan kwana biyar ya kumbura ya fara wari. Na tambayi me ya rasa alhali ga ruwa har ya yi yawa. Aka yi shiru mai tsawo, harshena yana ƙaiƙayi in faɗi amsar, na daure. Sai wani yaro da ban taɓa jin muryarsa a aji ba ya ce haka gonarsu ta fadama ta yi bara da ruwa ya kwanta, babansa ya ce shukar ta kasa numfashi. A lokacin ne na ɗauki alli na rubuta kalmar "iska" kusa da "ruwa" da "ɗumi", suka buɗe littattafansu suka kwafa.