Takardar Shugaban Makaranta Zuwa Ga Iyayen Ɗalibai Kan Rahoton Zangon Farko

Ofishin Shugaban Makaranta,
Gumel, Jihar Jigawa.
Litinin, 16 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne domin in taƙaita bayanan da aka haska da majigi a taron iyaye da malamai na ranar Asabar, 14 ga wannan wata, saboda da dama daga cikinku ba su samu halarta ba, waɗanda suka zauna a bayan ɗakin taro kuma sun ce hasken rana ya hana su ganin alƙaluman da kyau. Shafuka tara aka haska, amma wanda ya fi muhimmanci a wurina shi ne na zuwan yara makaranta, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Shafin farko ya nuna cewa muna da ɗalibai 612 a wannan zango, maza 348 da mata 264, daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare zuwa aji uku na babbar sakandare. Na biyu tuni ne kan yadda ake haɗa makin ɗalibi: maki 40 daga gwaje-gwajen aji da aikin gida, maki 60 daga jarrabawar ƙarshen zango. Ina roƙonku ku riƙe wannan rabo, domin yaron da ba ya nan ranar da aka yi gwaji ya riga ya zubar da wani kaso na makinsa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa, komai kaifin ƙwaƙwalwarsa.

Shafi na uku da na huɗu su ne na sakamako. An samu ci gaba a Hausa da Ilimin Addinin Musulunci da Aikin Gona, inda sama da kashi 75 cikin 100 na ɗalibai suka ci rabin maki ko fiye. A Turanci kashi 58 ne suka kai haka. Lissafi ne ya ja mu baya, musamman a aji biyu na ƙaramar sakandare, inda kashi 41 kacal suka kai rabin maki. Wani uba ya tashi a taron ya yi tambaya ko matsalar daga malamai take, kuma tambaya ce da ta dace, domin haƙƙin iyaye ne su bincike mu. Mun duba littattafan shirin darasi na malaman Lissafi, mun tarar sun kammala manhajar zangon, sai dai amsar da ta fi gamsar da mu tana cikin shafi na biyar.

A wannan shafi mun jera rajistar kiran suna ta makonni goma sha uku, rana bayan rana. Daga Litinin zuwa Laraba, kusan kashi 90 cikin 100 na ɗalibai suna zuwa, amma ranar Alhamis adadin yana faɗowa zuwa kashi 71, kuma waɗanda suka halarci taron sun ga yadda layin da ke allon yake nutsewa a wuri ɗaya kowane mako. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga kowa a cikinmu: Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari, inda wasu yaran ke bin iyayensu kai dabbobi, wasu su yi dako, 'yan mata kuma a ɗora musu talla. A watan Oktoba da Nuwamba an ƙara samun raguwa saboda yankan riɗi da tsinkar zoɓo, ga kuma zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da yara da yawa a farkon zango.

Da muka ɗauki sunayen ɗalibai 60 da suka fi rashin zuwa, muka aza su kusa da sakamakon Lissafi, sai muka ga 47 daga cikinsu ba su kai rabin maki ba. Lissafi kamar jeren bulo yake: wanda ya rasa darasin Alhamis zai zo ranar Litinin ya tarar an ɗora sabon layi a kan wanda bai gani ba. Haka nan makara take yi, domin ƙarfe 7:45 ake shiga aji, kuma tun da sanyi ya fara sauka muke ganin yara suna isowa bakin ƙofa ƙarfe takwas da rabi, hannuwa cikin aljihu, alhali darasin farko ya riga ya ƙare.

Ban jahilci halin da ake ciki na tsadar rayuwa ba, kuma na san akwai gidajen da abin da yaro ya samo ranar kasuwa shi ne cefanen ranar Juma'a. Saboda haka makaranta ta ɗauki nata nauyin: daga zango mai zuwa ba za a ƙara sanya gwajin aji ranar Alhamis ba, kuma malaman Lissafi sun amince su riƙa yin darasin bita kyauta duk ranar Asabar daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na safe. Abin da muke nema daga gare ku shi ne kada fashin Alhamis ya zama ɗabi'a. Idan larura ta tilasta, a sanar da malamin aji tun ranar Laraba, domin a ba yaro aikin da zai yi a gida. Duk ɗalibin da ya yi fashin kwana uku a jere ba tare da sanarwa ba, za mu aika a kira mahaifinsa ko mai riƙonsa.

Shafi na shida da na bakwai sun shafi masu jarrabawar fita. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare za su rubuta BECE, 'yan aji uku na babba kuma WAEC da NECO. Jami'o'i suna neman kiredit biyar, wato C6 ko sama da haka, kuma a yawancin kwasa-kwasai dole Turanci da Lissafi su kasance a ciki, abin da ya sa batun da na yi a sama ya wuce maganar zango ɗaya. Wanda zai rubuta JAMB ba zai iya yin rajista ba sai da lambar NIN, don haka a yi amfani da wannan hutu a nemo ta, a kuma tabbatar jeren suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya da abin da ke cikin fayil ɗin makaranta, domin gyara bayan rajista yana cin kuɗi da lokaci.

A shafi na takwas ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai ya gabatar da lissafin kuɗi. An karɓi Naira 1,000 a kan ɗalibai 497, jimilla Naira 497,000. An kashe Naira 185,000 wajen gyaran famfon rijiyar burtsatse, Naira 180,000 wajen ƙera benci 20, da Naira 42,000 na magungunan taimakon gaggawa, saura Naira 90,000 a asusu. Rasitai suna ofishina ga duk mai son dubawa. Ba za a kori kowane yaro ba saboda rashin biyan wannan kuɗi, amma muna tunatar da iyayen ɗalibai 115 da suka rage.

Shafin ƙarshe jadawali ne. Za a dawo hutu ranar Litinin, 6 ga Janairu, 2025, kuma a ranar za a fara darasi. Da yake ana sa ran azumin Ramadan zai kama a farkon watan Maris, za mu yi ƙoƙarin kammala gwaje-gwajen aji kafin ƙarshen Fabrairu. An haɗo wannan takarda da katin sakamakon kowane ɗalibi. A duba gurbin da aka rubuta yawan kwanakin da ya zo, a sa hannu ko a dangwala yatsa, sannan a dawo da shi ranar komawa. Mai neman ƙarin bayani zai same ni a ofis ranakun Talata da Laraba na tsawon hutun nan, daga ƙarfe goma na safe zuwa azahar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Shugaban Makaranta.