Tallar Rediyo ta Daƙiƙa 20: Shagon Gyaran Waya

(Waya tana ƙara, sai ta ɗauke ɗif.)

ƘANE: Kash! Yaya, ta sake mutuwa. Ɗazun nan fa na cire ta daga caji.

YAYA: Batirin ne ya gaji. Kai ta shagon gyaran waya mai shuɗiyar ƙofa, daura da tashar mota. A gabanka za su canza shi.

ƘANE: Anya kuwa? Na sha yin asara.

YAYA: Ga tawa, wata 6 da gyara. Tun asuba rabonta da caja, dubi yadda take.

ƘANE: Ikon Allah!

(Kiɗa a hankali.)

MAI SANARWA: Shago mai shuɗiyar ƙofa. Garantin wata 3, a rubuce.