Shinkafa da Wake a Samaru

Abokan ɗakin Bashir uku ba su iso ba tukuna, don haka shi kaɗai ya yi sallar magariba tsakanin gadaje marasa katifa a ɗakin kwanan ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Tun ƙosan da ya ci da safe a tashar Gumel bai sa komai a bakinsa ba. Kuɗin da Baba ya ba shi kuwa sai an yi tattali sosai kafin su kai ƙarshen wata, saboda haka ya kawar da tunanin zuwa wurin masu sayar da abinci, ya jawo buhun da Umma ta ɗaure masa.

Murhun lantarkin mai kai ɗaya ne, ba shi da maɓallin rage wuta. Ya sa silifas ɗin roba, ya jona wayar a bango, ya tsuguna har ƙarfen da ke naɗe ya yi ja. A gida bai taɓa ɗora tukunya ba, amma ya sha zama a bakin madafi yana hira da Umma, kuma ya riƙe cewa wake ake fara sawa domin ya fi shinkafa jinkirin nuna. Ya tsince gwangwani guda, ya wanke, ya zuba a ruwa, ya jefa 'yar kanwa.

Da tukunyar ta tafasa, kumfa ta ɗaga murfin ta zubo kan ƙarfen, ƙauri ya cika ɗakin. Ya zare wayar da sauri, ya jira ya huce, ya goge, sannan ya mayar da tukunyar, murfin a karkace. Sau da yawa yana ciro ƙwayar wake da cokali ya latsa ta tsakanin yatsunsa, sai da ta fara ba da kai ya zuba shinkafa da gishiri. Ruwan ya tsotse tun shinkafar tana da tsaki, ya ƙara kaɗan, gindin ya kama duk da haka.

Da yake murhun ɗaya ne, dole ya sauke abincin ya rufe shi da tawul kafin ya soya man gyaɗa da albasa a ƙaramin kwano. Ya barbaɗa yajin da Umma ta daka da hannunta, ya yi bisimilla. Gishirin ya ɗan gaza, amma ya cinye har ƙanzon.

Bayan isha'i wayarsa ta yi ƙara.

"Bashir, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Umma. Shinkafa da wake, ni na dafa da kaina."

"Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ta kama?"

"Ta ɗan kama."

"To, jiƙa tukunyar yanzu, kada ta kwana a bushe. Kuma ka zare wayar murhun nan kafin ka kwanta."