Neman Gurbin Koyon Aiki na Mako Shida

Rigasa, Kaduna
6 ga Yuli, 2026

Zuwa ga Manaja,
Sashen Ayyukan Wutar Sola,
Kakuri, Kaduna

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Aminu Garba, ɗalibin shekarar ƙarshe ta babbar difloma a fannin injiniyan lantarki, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, harabar Tudun Wada. Ina roƙon a ba ni gurbin koyon aiki a kamfaninku na tsawon mako shida, daga Litinin 3 ga Agusta zuwa Juma'a 11 ga Satumba, 2026. Lokacin ya faɗo cikin hutunmu, don haka zan iya zuwa kullum daga ƙarfe 8 na safe har a tashi, in kuma akwai aiki ran Asabar ina nan.

A watan Maris na ga yaranku suna haɗa wa wata rijiyar burtsatse sola a unguwarmu. Na tsaya na fi awa biyu ina kallo. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda babban cikinsu ya hana a kunna komai sai da aka kafa sandar ƙasa, aka auna ta, aka rubuta abin da mita ya nuna a littafi. Tun ranar na ƙudurta cewa a hannunku nake son in koya.

Ga abin da hannuna ya iya. Na yi wata huɗu a shirin SIWES, sannan bayan ƙaramar difloma na yi shekara guda wajen wani mai haɗa wutar gidaje, inda na ja waya a bututu, na ɗaura akwatin rarraba wuta, na kuma saba neman inda wuta ta yanke da mita. Ina zana tsarin wayar gida da AutoCAD, ina lissafin nauyin wutar da gida ke ja da Excel, na fitar da yawan fanel da batir da girman inbatar da ake bukata. Hawa rufi ba ya ba ni tsoro, kuma ina da takalmin aiki da hular kwano da safar hannu nawa.

Sola kuwa a gida na fara taɓa ta. Mahaifiyata tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, na haɗa mata fanel biyu masu wat 300 da batir biyu masu bolt 12, amfiya-awa 200 kowanne. A takarda wat-awa 4,800 ke nan, na ɗauka duk namu ne. Ban kula cewa batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa ba, ga shi kuma damina ta kama, rana ba ta cika su. Wata takwas suka yi suka mutu. Kuɗin adashinta ne, kuma har yau ba ta ce mini komai a kai ba. Wannan ne ya sa na ɗauki aikin kammala karatuna a kan yadda hadari ke rage ƙarfin fanel a Kaduna, da yadda ya kamata a yi lissafin batir saboda haka. Shi ya sa ma na zaɓi Agusta, watan marka, lokacin da sai a wuni biyu ba a ga rana sosai ba. Ina so in ga da idona yadda ayyukanku ke jure wannan watan.

Abubuwa uku ne ban taɓa yi ba, su nake nema a wajenku: saita babbar inbata mai layi uku, haɗa batirin litiyam da na'urar da ke kula da cajinsa, da yadda kuke rubuta wa mai aiki kiyasin kuɗi. Ba na neman albashi. Kuɗin mota daga Rigasa zuwa Kakuri ni zan ɗauka. Duk abin da na auna a wurin aikinku ba zai shiga rahotona ba sai da izininka, kuma ba zan ambaci sunan wanda kuka yi wa aiki ba.

Na haɗo da takardar gabatarwa daga shugaban sashenmu, da sakamakon jarrabawata, da zanen wayar wani gida mai ɗaki huɗu da na yi, don a duba hannuna. In an yarda, zan zo ofis ranar Litinin 13 ga Yuli da ƙarfe 10 na safe in ji amsa, ko a gwada ni da mita da waya a nan take. In ranar ba ta yi ba, a bar mini saƙo wajen sakatare, zan dawo ranar da aka sa.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya saka da alheri.

Naka mai biyayya,
Aminu Garba