Takardar koyarwa ga sababbin likitocin sashen gaggawa: wanda ya suma, wa za a sallama, wa za a riƙe

Ƙannena, bazara ta kama, za ku riƙa ganin waɗanda aka ɗauko ranga-ranga an ce sun suma. Yawancinsu kafin su iso gabanku sun farfaɗo, har suna neman a bar su su koma gida. Aikinku shi ne ku ware 'yan kaɗan da zuciyarsu ce ta kayar da su, kuma ba na'ura ce za ta fara yi muku wannan aikin ba. Labarin yadda abin ya faru ne.

Suma ita ce jini ya gaza isa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Daƙiƙa 6 zuwa 8 sun isa mutum ya fita hayyacinsa. A suman basobagal, wanda ya fi kowanne yawa, zuciya lafiyarta lau. Jijiyar bagus ce take rage mata bugu, hanyoyin jini su saki, jini ya taru a ƙafafu, mutum ya sulale. Da ya kwanta jini ya koma kai, sai ya farka. Kusan kullum akwai abin da ya jawo: doguwar tsayuwa a rana, cunkoso, azumi cikin zafi, ganin jini, tsinin allura, mummunan labari. Kuma yana sallama kafin ya shigo. Ɗalibar da ta faɗi a layin asambile za ta ce muku ta ji zafi ya taso mata, zufa ta karyo, zuciyarta na tashi, kunnuwa suka toshe, idonta ya yi duhu. Waɗanda ke gefenta za su ce ta yi fari fat. Cikin minti guda ta dawo, ta san inda take, sai dai gajiya da kasala da kan iya bin ta awanni. Idan kuma ta ce tun tana ƙarama haka take yi in ta ga jini, hankalinku ya ƙara kwanciya.

Kada ɗan fizge-fizgen hannu ko ƙafa ya sa ku rubuta farfaɗiya. Mai suma ma yakan yi, na 'yan daƙiƙu, bayan ya faɗi. Mai farfaɗiya yakan ciji gefen harshe, kuma yakan daɗe a ruɗe bayan ya farka.

Suman zuciya daban ne. Ko dai bugun ya rikice, ya yi sauri fiye da kima ko ya tsaya cak, ko kuma wani abu ya tare wa jini hanyar fita. Binciken Framingham da aka buga a 2002 ya nuna masu suman zuciya haɗarin mutuwarsu ya ninka na waɗanda ba su taɓa suma ba, alhali masu basobagal babu wani ƙari. Abin da ke yaudarar sabon likita shi ne mai suman zuciya sau da yawa ya fi kyan gani a gaban tebur. Ya faɗi tim, ya tashi garau, ba amai ba zufa. Ɗalibar can tana kwance a galabaice amma babu abin da zai same ta, shi kuwa dattijon da ke ba ku labari yana dariya mai yiwuwa ne zuciyarsa ta sake tsayawa a daren.

Don haka tambayar farko ita ce: me kake yi a daidai lokacin da ka faɗi? Ku tsaya a kanta, kada ku karɓi “ina wajen ƙwallo” a matsayin amsa. Yana cikin gudu ne, ko ya gama ya tsaya yana haki? Wanda ya suma bayan ya tsaya, galibi jini ne ya taru a ƙafa. Wanda ya faɗi yana tsakiyar gudu, ko yana ɗaukar buhu, ko yana huɗa a gona, ku ɗauka zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. A tsoho ku yi tunanin ƙuntatar ƙofar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, a matashi kuma kaurin tsokar zuciya na gado. Wannan ciwon aka samu a zuciyar Marc-Vivien Foé na Kamaru, wanda ya faɗi ana tsakiyar wasa da Kolombiya a Lyon a 2003, yana ɗan shekara 28.

Haka wanda ya suma a kwance. Wanda ke kwance jininsa ba shi da dalilin gangarowa ƙafa, to me ya hana shi isa kai? Na zaune ma, in babu allura ko ciwo ko tsoro a labarin, ku bincika. Sai wanda abin ya zo masa ba sanarwa ko kaɗan, ya fasa goshi ko ya karya haƙori don bai samu damar tarewa da hannu ba, musamman in ya haura 65. Ku tambaya ko ya ji zuciyarsa ta ɗauki bugu da sauri farat ɗaya kafin ya faɗi, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya sarƙe. Mutanenmu sukan tattara waɗannan duka su ce “faɗuwar gaba”, sai ku sa shi ya buga muku yadda ya ji da yatsa a kan tebur.

Tarihin dangi kuwa sai an yi dabara. In kun ce “akwai ciwon zuciya a gidanku?” za a ce babu. Ku ce: akwai wanda ya rasu farat ɗaya bai kai 40 ba? Wanda aka kwana da shi lafiya aka wayi gari babu shi? Wanda ya iya iyo amma ruwa ya ci shi? Wanda aka ce iska ce ko farfaɗiya, yakan faɗi in an razana shi? A irin waɗannan labaran cututtukan gado na wutar zuciya suke ɓuya, irin su Brugada da doguwar QT.

A nan wajenmu ku ƙara da mai jego. Ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a Kano da Zariya da kewaye, don haka wadda ta haihu watannin baya, tana haki, ƙafa a kumbure, ta kuma suma, ba a sallamarta. Gudan jini a huhu ma yana kawo haka. Mace a shekarun haihuwa da ta suma da ciwon mara kuwa, ku yi gwajin ciki nan take, kada ya zama cikin wajen mahaifa ne ya fashe. Ku ce a kawo ledar magani ku gani da idonku. Kwinin, kulorokwin, eritromaisin da halofiridol suna tsawaita QT, maganin sa fitsari yana zubar da fotashiyam, digoksin da atenolol suna rage bugu.

Kowa da ya suma a saurari zuciyarsa, a duba sukari, a auna hawan jini a kwance sannan a tsaye. In na sama ya sauka da 20 ko na ƙasa da 10 cikin minti 3, tashi tsaye ne ke kayar da shi, ku nemi rashin ruwa, zubar jini ko magani. Kowa a yi masa ECG, ku karanta da kanku, kada ku dogara da abin da na'ura ta buga a saman takarda. Bugu ƙasa da 40 a mutumin da ke farke, ko QTc sama da 460, abin tsayawa ne. Amma ECG mai kyau ba ya goge mummunan labari, don rikicin bugu zuwa yake ya wuce.

Mai basobagal bayyananne, da gwaji mai kyau, ku yi masa bayani, ya yawaita shan ruwa, in ya ji alamar ya kwanta ko ya harɗe ƙafafu ya matse su, sannan ya tafi gida. Wanda ke da ko ɗaya daga cikin alamun can, a kwantar da shi inda ake ganin bugunsa, a nemi hoton zuciya, kada ya hau babur ko ya tuƙa mota kafin a gama bincike, kuma ku kira ni ko da tsakar dare ne.